Kiran Yin Rajistar Zaɓe a Kudancin Birnin Kaduna: Wa Ake Nufi da Shi?

Duk lokacin da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ta buɗe rajistar masu jefa ƙuri'a, ƙungiyoyin da ba ruwansu da wata jam'iyya, irin su Yiaga Africa, sukan tashi tsaye wajen tunatar da jama'a. Tunatarwa ta gari ba ta ɗauke da tutar jam'iyya ko hoton ɗan takara, ba ta kuma neman kowa ya miƙa katinsa ko lambar katinsa. Abin da take faɗi kaɗan ne: wanda ya cancanta, inda za a je, da ranar rufewa. To, amma kalmar nan ta "a je a yi rajista" idan aka sake ta haka nan ba bayani, tana iya jefa mutum cikin asara.

Rajistar da aka yi daga 28 ga Yuni 2021 zuwa 31 ga Yuli 2022 ta nuna haka. Mutum 12,298,944 ne suka kammala ta a ƙasa baki ɗaya, amma da hukumar ta tace sunayen ta hanyar gwada zanen yatsu da kamannin fuska, sai ta soke 2,780,756. Cikinsu akwai masu ɗimbin yawa da dama can suna da rajista, suka sake yin wata. Ba duka ne 'yan maguɗi ba. Wani katinsa ne ya ɓata, wani kuwa ƙaura ya yi, ya ɗauka sabon gida sai da sabuwar rajista.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ware sabuwar rajista ga ɗan Nijeriya wanda ya cika shekara 18, bai kuma taɓa yi ba. Kundin da aka yi zaɓen 2023 da shi tun 2011 aka fara tara shi, saboda haka wanda ya shiga tun wancan lokaci sunansa bai tsufa ba. Dokar ta kuma sa tarar da za ta iya kai naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara guda ba, ko duka biyu, ga mai rajista sau biyu.

Maganar ta fi shafar unguwannin da ke hayin kogin Kaduna ta kudu, domin ƙananan hukumomi biyu ne suka raba su. Kakuri da Makera da Barnawa da Television suna cikin Kaduna ta Kudu, amma Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa na Chikun ne, ko da yake mai tafiya a mota ba ya ganin wata iyaka.

A ɗauki misalin tela da ya yi rajista a Kakuri a 2011, daga baya tsadar haya ta kai shi Sabon Tasha. Sunansa yana nan a rumfar Kakuri. Ranar zaɓe akan hana zirga-zirgar motoci, ke nan sai dai ya taka da ƙafa, in kuma ya isa, ɗan majalisar tarayya na Kaduna ta Kudu zai zaɓa, alhali wakilin mazaɓar Chikun da Kajuru ne ke magana da yawun unguwar da yake kwana. Idan ya ji kira ya je ya sake rajista a Sabon Tasha, za a ba shi 'yar takardar shaida ya koma gida da murna. Ana tacewa sai a soke sabuwar, tsohuwar ta zauna daram, shi kuwa ya yi ta jiran katin da ba za a buga ba.

Abin da ya kamace shi shi ne neman sauyin rumfa. Zai je wurin jami'in zaɓe na Chikun da katinsa tun ba a rufe rajista ba, ya nemi a maido da sunansa kusa da gida. In an amince, sai a cire shi daga Kakuri, a buga masa sabon kati, ya je ya karɓa da kansa, don ba a aike. Wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, shi ma neman madadi zai yi. Duk wannan kyauta ne.

Wani tarkon kuma shi ne cika fom ta waya. A rajistar 2021 zuwa 2022 sama da mutum miliyan 7 sun fara ta intanet, ba su je an ɗauki yatsunsu ba har aka rufe, sunayensu ba su shiga kundi ba. Da aka sake buɗewa a 2025, an fara ta intanet ranar 18 ga Agusta, zuwa ofis kuwa ranar 25 ga watan, kuma sai da na biyun rajista ke cika.

Hanyar gane ko an dace ita ce duba kundin idan an kafa shi don gyara da ƙorafi. A 2022 an kafa shi daga 12 zuwa 25 ga Nuwamba, mako na farko a mazaɓu, na biyu a ofisoshin hukumar na ƙananan hukumomi. Telan nan da ya duba, da ya tarar da sunansa a jerin Kakuri, babu shi a na Sabon Tasha.