Wa ake fara gaisarwa a bikin yaye ɗalibai?

A bikin yaye ɗalibai na jami'o'in Najeriya, mai gabatarwa ba shi da zaɓi kan wanda zai fara ambata. A jami'ar tarayya shugaban ƙasa ne a sama, a ta jiha kuwa gwamna. Sau da yawa wakili ake turowa, kuma a gurbin wanda ya aiko shi ake gaishe shi, ko da a cikin zauren akwai waɗanda suka girme shi a muƙami. Daga nan sai uban jami'a, wanda galibi basarake ne daga wani yankin ƙasar, kamar yadda aka naɗa wa Jami'ar Ahmadu Bello Obin Onitsha a 2015. Shugaban hukumar gudanarwa ya biyo baya, sai shugaban jami'a da mataimakansa, sai magatakarda.

A nan ake yawan tuntuɓe. Sarkin Musulmi Mai Alfarma ne, sarki Mai Martaba, gwamna Mai Girma. In aka musanya, kafin a rufe baki za a ga ɗan takarda ya taho daga layin gaba. Shi ya sa gogagge yake karɓar jerin sunaye tun kafin taro, ya soke wanda bai iso ba, ya tambayi yadda ake furta sunan baƙon da ba Bahaushe ba.

A ganina gwanintar tana wurin rabon lokaci. Manya sun saba jin sunansu, jimla guda ta ishi kowannensu. Malamai a haɗa su a gaisuwa ɗaya, a yi musu sannu da ƙoƙari, a tuna har da masu kula da ɗakin gwaji da na karatu. Iyaye ne ya kamata a tsaya a kansu, don a ƙasan takarda suke, kuma a rumfar baya ake zaunar da su. Wata uwar tun asuba ta hau mota daga ƙauye, da kular abinci a cinya. Jawabin da Turanci ake yi, amma mai hankali yakan juyo da Hausa ya ce: "Iyayenmu maza da mata, sannunku da hanya, sannunku da ɗawainiya. Wanda ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin rajista, yau ranarsa ce. Allah ya saka da alheri." Nan za a ji "amin" ta tashi daga baya.

Ɗalibai a bar su ƙarshe, don da an ambace su zaure ya ɓarke da sowa, a ɗau lokaci ba a jin kowa. Sai dai kada a kira su masu digiri tukuna. A wannan lokacin "waɗanda za a yaye" ne, har sai uban jami'a ya miƙe ya tabbatar musu da shi.