Kwali Nawa Ya Kamata A Tarar A Siton Asibiti?

Mai kula da siton ƙaramin asibiti yana tsakanin tsoro biyu. Idan ya yi odar kaya kaɗan, ranar awon ciki sai a wayi gari babu safar hannu, a tura mijin mai naƙuda kemis da tsakar dare. Idan kuma ya jibgo da yawa, kuɗin asibiti sun kwanta a kan kanta, magani ya lalace kafin a kai gare shi. Maganin wannan shi ne lambobi biyu da ake rubutawa a saman katin kowane kaya: mafi ƙarancin abin da za a bari ya rage, da mafi yawan abin da za a ajiye.

Lissafin yana farawa ne da sanin abin da asibitin ke ci a wata. A ɗauki sirinji mai cin mili 5, wanda ke zuwa guda 100 a kwali. A ce katin ya nuna an fitar da 540 a watan Janairu, 600 a Fabrairu, 660 a Maris. Idan aka haɗa aka raba uku, abin da ake ci a wata ya kama 600, wato kwali 6.

Sai kuma tambaya ta biyu: daga ranar da aka miƙa takardar oda zuwa ranar da kaya suka sauka, kwana nawa ake yi? A ce mako biyu ne. A cikin wannan jira za a cinye kwali 3. Amma mota kan lalace, babban sito kan ce a dawo jibi, don haka ake ƙara tanadin ko-ta-kwana, misali na wata guda, wato kwali 6. Jimilla kwali 9. Wannan ita ce lambar ƙasa. Da zarar kati ya nuna 9, oda ta wajaba, ko da kuwa kanta tana kama da a cike take.

Lambar sama kuwa ana samun ta ne ta ƙara abin da za a ci tsakanin oda da oda. Asibitin da ke karɓo kaya duk bayan wata biyu zai ƙara kwali 12 a kan 9, ya tashi da 21. Ranar ƙidaya idan aka tarar da kwali 8, sai a nemi 13. In akwai kwali 5 da aka riga aka yi odarsu suna hanya, a cire su, a nemi 8 kawai.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne watan da kaya suka yanke. A ce safar hannu ta ƙare ranar 20 ga wata, bayan an fitar da kwali 10. Kati zai nuna 10, alhali da ba ta yanke ba kwali 15 za a ci a kwana 30. Wanda ya yi lissafi da 10 zai sake yin odar da ba ta isa ba, ta sake yankewa, lambar ta ci gaba da raguwa wata bayan wata. Haka nan kwalin safa mai ɗauke da guda 100 hannu biyu-biyu 50 ne kacal, kuma kowane girma yana buƙatar katinsa. Sito na iya cika da manya, ungozoma mai ƙaramin hannu tana neman wadda za ta sa.

Magunguna suna da nasu sharuɗɗan. Maganin zazzaɓin cizon sauro ba a yi masa lissafi da alƙaluman watan Maris, domin a ƙasar Hausa cutar tana tashi ne da damina, ta yi tsanani daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Katin daminar bara ake dubawa, a ɗaga lambobin tun kafin ruwa ya zauna, a sauke su idan rani ya shigo. Allurar magnesiyam salfet, wadda ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta, tana iya yin watanni ba a taɓa ta ba. Lissafi zai ce lambarta kusan sifiri ce, amma dole a ajiye aƙalla abin da zai ishi mace guda, a riƙa duba ranar lalacewarsa. Ita kuwa oksitosin, allurar da ke hana zubar jini bayan haihuwa, sanyin firji take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka asibitin da wutarsa ba ta da tabbas gara ya rage lambar samanta ya riƙa karɓowa kaɗan-kaɗan.

Duk wannan ya dogara ne da gaskiyar kati. Shi ya sa ƙarshen kowane wata ake ƙirga kaya da hannu a gwada da abin da aka rubuta, a jawo masu kusa da lalacewa gaba a fara fitar da su, sannan duk bayan wata uku zuwa shida a sake lissafin lambobin biyu.