Jimlar Karɓau a Ingilishi: Muhallinta da Yadda Take Ɓoye Aikau

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi jimlar karɓau a Ingilishi, wato jimlar da ake jawo karɓau zuwa gurbin aikau, domin fayyace inda ta dace da inda take zama mafaka. Tsarinta, bisa ga ƙa'idar da Chomsky ya kawo a 1957, ana iya taƙaita shi kamar haka (YS na nufin yankin suna, A kuwa aikatau):

```
YS1 + A + YS2 → YS2 + be + A-en + (by + YS1)
```

Abin lura shi ne baka biyun da ke ƙarshe. Suna nuna cewa ambaton aikau ganin dama ne, kuma daga nan matsalar take tasowa.

2.0 Inda Ta Dace

A ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama babban birninta. Marubucin da ke bayar da tarihin jihar da Ingilishi ya yi daidai idan ya fara jimlarsa da "Nasarawa" a sigar karɓau, domin ita ce abin magana. In ya ga dama sai ya kawo gwamnatin a ƙarshe, gurbin da Ingilishi ya fi ajiye sabon bayani. Haka kuma sigar ta dace idan ba a san aikau ba, kamar a rahoton sata, ko kuwa sanin sa ba ya ƙara kome, kamar a bayanin gwajin kimiyya.

3.0 Inda Take Ɓoye Aikau

A 1993 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen 12 ga Yuni. Ɗalibin da ya rubuta wannan a sigar karɓau, ya kuma yar da ɓangaren `by`, bai yi ƙarya ba, amma ya sauke alhaki daga kan mai shi. Hanyar ganewa ita ce mai karatu ya tambaya: wa ya yi? Idan marubuci ya san amsar, mai karatu yana bukatar ta, kuma ba ta cikin sakin layin, to an yi rufa-rufa.

4.0 Kwatanci da Hausa

Hausa takan fassara wannan siga da lamirin "an" ko "aka", misali "an soke zaɓe". Sai dai wannan lamiri ba ya karɓar aikau a bayansa, kuma galibi mutum yake nufi. Saboda haka idan jimlar Ingilishi ta ce ruwan sama ne ya rushe gida, "an rushe gida" kuskure ne. Sai dai "ruwa ya rushe gida".

5.0 Kammalawa

Ke nan sigar karɓau ba aibi ba ce a kan kanta. Aibin yana ga share aikau a inda sunansa shi ne labarin.