A bar wa rauta ɗaya ragamar gida

Akwatin da kamfanin intanet ke maƙala maka a bango aiki biyu yake yi: yana karɓo intanet daga waya, yana kuma rarraba ta cikin gida. Idan ka sayo rautarka ka jona a bayansa, ka tara shugabanni biyu, kowane yana raba wa na'urori adireshi. Lilo zai tafi, amma leƙa kyamarar tsaro daga nesa kan gagara.

Maganinsa `Bridge Mode`, wato akwatin kamfani ya koma gada kawai. Buɗe shafin saitinsa da adireshin da ke jikinsa, galibi `192.168.1.1`, ka kunna, sannan ka ja waya daga `LAN` ɗinsa zuwa `WAN` na rautarka. Amma kafin ka taɓa komai, nemi sunan shiga da kalmar sirrin `PPPoE` wurin kamfanin in da shi layin ke aiki, domin yanzu rautarka ce za ta gabatar da su. Nan mutane suka fi tuntuɓe.

Daga nan duba adireshin `WAN` na rautarka. In har yanzu da `192.168` ya fara, gadar ba ta kafu ba.