Abin da Baki Ke Furtawa, Kunne Bai Sani Ba

Mai karatu, kafin ka ci gaba, ka ce "nan". Sake faɗa a hankali, ka ja ƙarshen kalmar, ka lura da inda harshenka ya tsaya. A farkon kalmar, tsinin harshe ne ke taɓa tudun nan da ke bayan haƙoran sama, wanda ake kira hanƙa. A ƙarshenta kuwa tsinin harshen yana kwance a ƙasa. Ƙeyar harshen ce ta ɗaga ta manne da hanɗa, wato can cikin rufin baki inda yake da laushi, iska kuma tana fita ta hanci. Harafin da ke farko da wanda ke ƙarshe ɗaya ne a takarda, amma a baki wurinsu ba ɗaya ba ne, ƙararsu ma ba ɗaya ba ce. Tun kana goye kake furta su daban, kuma da wuya ka taɓa lura.

Ni ma ɗan ƙanwata ne ya sa na koma kan wannan batu. Yana aji uku a firamare, ya rubuta "Malan" a bangon littafinsa, aka ja masa layi da jan biro. Ya zo yana gunaguni. "Baba, ai Malan muke cewa. Wa yake cewa Malam?" Na ce ya faɗa in ji. Da ya faɗa, leɓɓansa ba su haɗu ba, tsinin harshensa kuma bai taɓa hanƙa ba. Sautin ƙarshen "nan" ne ya fito. Yaron ya ji daidai, dokar rubutu ce bai sani ba tukuna, kuma za mu dawo kan dalilinta.

Masana harshe suna da hanya mai sauƙi ta gane ko bambancin sauti biyu yana da muhimmanci a harshe. Sukan nemo kalmomi biyu da suka yi daidai a komai sai a wuri guda, su duba ko ma'ana ta sauya. Ga "kafa" da "ƙafa": wasula iri ɗaya, karin sauti iri ɗaya, amma ɗaya kafa rumfa ake yi, ɗaya kuma tafiya ake yi da ita. Haka "daka" da "ɗaka": ɗaya aikin turmi da taɓarya, ɗaya cikin ɗaki. Irin wannan jeri shi ake kira zubin kamantau. Duk sautin da zai iya raba kalma da kalma haka, sunansa ƙwayar sauti. Saboda haka k da ƙ ƙwayoyin sauti biyu ne a Hausa, d da ɗ ma haka.

To, mu gwada wannan awo a kan n ɗinmu biyu. Ka nemi kalmomi biyu na Hausa da babu abin da ya raba su sai n na hanƙa da n na hanɗa, wanda masana ke rubutawa da alamar ŋ. Za ka kwana kana nema ba ka samu ba. Idan an rasa, sai a ɗauki mataki na biyu, a jera kalmomi a ga inda kowanne yake zama. Na hanƙa yana cikin "nama", "nono", "hanta", "banza", "wanda". Na hanɗa yana cikin "wanka", "bango", "danƙo", "kanwa", da ƙarshen "can". Faɗi "wanda" da "wanka" a jere sau uku, za ka ji harshen yana kai gaba yana komawa baya. Tsarin ya fito fili: kafin wasali, ko kafin t, d, z da 'yan uwansu da ake furtawa a gaban baki, na hanƙa ne ke zuwa. Kafin k, g, ƙ, w, ko a ƙarshen magana, na hanɗa ne. Dalilin ba boyayye ba ne. Harshe yana shirin furta k tun bai gama da n ba, sai ya furta shi a inda zai furta k ɗin, ya huta da tafiya biyu. Wannan shi ne naso, kamar yadda rini ke nashewa daga zare zuwa maƙwabcinsa.

Sunan da littattafan tsarin sautin Hausa, irin na Farfesa Mu'azu Sani Zariya, suka ba wannan rabon wuri yana burge ni ƙwarai: zaman surukuta. Gida ɗaya ne, zumunci ɗaya, amma inda suruki ya zauna, can ɗaya surukin ba ya zama. Sautukan da ke irin wannan zama takwarorin juna ne, fuskoki ne na ƙwayar sauti guda. Tunda wurin zama shi ke faɗa maka wanda zai fito, babu wani labari da bambancinsu ke ɗauke da shi. Shi ya sa kunne ya daina kula da shi, shi ya sa kuma harafi ɗaya ya ishe su a rubutu.

Wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya san wannan ilimi ta wata ƙofa. Hukunce-hukuncen nun mai sakina, su izhari, idgami, iƙlabi da ikfa'i, bayani ne kan yadda harafin da ke gaba yake sauya furucin nun. A iƙlabi, nun yakan koma mim idan ba ta biyo shi. Mu ma haka muke yi ba tare da malami ya biya mana ba: muna rubuta "ɗan birni" da "gidan Bala", bakinmu yana cewa "ɗam birni" da "gidam Bala".

Sai dai a nan akwai wurin da ɗalibi ke zamewa. Kada a ce tunda n ya koma m a "ɗan birni", to m takwaran n ne kawai. A'a. "Ma" da "na" sun nuna cewa ƙwayoyi biyu ne masu zaman kansu. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wuraren da bambancinsu ke shafewa. Kafin b, dukansu m ake ji. A ƙarshen kalma kuma, a bakin mutane da yawa, dukansu sukan koma ŋ. Abin da ya kama ɗan ƙanwata ke nan. Ya ji ŋ a ƙarshen "Malam", ya san ŋ a matsayin n, sai ya rubuta n. Da haka ake samun "kullun" da "mutun" a saƙonnin waya. Hanyar ganewa ita ce a ƙara wa kalmar wasali, a ga wanda zai leƙo. "Malami", "malamai", "mutumin kirki": m ne a ƙarƙashi. Da na nuna masa haka, bai sake kuskuren ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wannan rabo ba ɗaya ba ne a kowane harshe. Sautukan da suke takwarori a wurinmu, a wurin wasu ƙwayoyi ne daban. A Turanci, kalmar "zunubi" da kalmar "rera waƙa" babu abin da ya raba su sai n na hanƙa da na hanɗa a ƙarshe. Bature yana jin bambancin nan kamar yadda muke jin na "kafa" da "ƙafa". Shi kuma idan ya fara koyon Hausa, k da ƙ abu ɗaya ne a kunnensa. Wani bincike da Janet Werker da Richard Tees suka yi a Kanada, suka wallafa a 1984, ya nuna lokacin da wannan ke farawa. Jariran da ake yi wa Turanci a gida, suna 'yan wata 6 zuwa 8, suna iya rarrabe wasu t biyu na harshen Hindi da iyayensu ba sa rarrabewa. Zuwa wata 10 zuwa 12, yawancinsu sun daina. Kafin yaro ya fara magana, kunnensa ya riga ya zaɓi bambance-bambancen da zai riƙe.

Wannan ne asalin maganar f da p da aka daɗe ana yi wa Bahaushe ba'a da ita. Dubi madubi ka ce "fara". Yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta f ɗin nan, kamar mai hura wuta a hankali, ba da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ba. Idan leɓɓan suka ɗan ƙara matsewa, sai ya fito kamar p, musamman a kalma irin "tafki". Ko yaya aka faɗa, tafki dai tafki ne, ma'ana ba ta motsa. Ƙwaya ɗaya ce mai fuskoki da yawa, kuma a nan sau da yawa zaɓi ne na mai magana ko na garinsu, abin da ake kira zaman zaɓi. Shi ya sa kalmomin aro masu p suka shigo mana da f: fensir, famfo, fasfo, fakiti. A Turanci kuwa kalmar fanka da kalmar kaskon suya f da p kaɗai suka raba su. Yaron da ke haɗa su ba dolo ba ne, dokar harshensa yake bi, kuma dariya ba ta gyara shi. Abin da ke gyarawa shi ne a nuna masa wurin furuci. Ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya ja sautin har numfashi ya ƙare, wannan f ne. Ya rufe leɓɓa ruf ya sake su lokaci guda, da 'yar takarda a gaban baki ya ga ta girgiza, wannan p ne, kuma ba ya jawuwa. Daga nan a riƙa faɗa masa kalmomi bibbiyu yana nuna wadda ya ji, domin kunne ne ke fara koyo kafin baki.

Rubutu ma yakan ɓoye ƙwayar sauti ta gaske. Bara mai yi wa maigida hidima da barar almajiri harufa ɗaya ne, amma r ɗinsu daban. A na farko harshe yana lanƙwashewa baya ya faɗo gaba sau ɗaya, a na biyu tsininsa yana karkarwa a hanƙa. Boko ya haɗe su a harafi guda, mun saba, jimla ce ke warware mana.

Ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ kuwa muna da ita, kuma yanzu tana cikin allon rubutun Hausa na yawancin wayoyi. Wanda ya bar ta ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ya goge bambancin da kunnen kowane Bahaushe ke ji. Ina roƙon malaman firamare, da masu buga jarida, da kai mai riƙe da waya, a riƙa sa wa harafi ƙugiyarsa.