Fuskar ɗanki ta yi ja a kyamarar auna zafi: zazzaɓi ne?

Uwargida, in kin bi ta filin jirgin sama lokacin Ebola a 2014 ko korona a 2020, wataƙila kin ga allon nan da ke nuna fuskokin matafiya da ja da rawaya da shuɗi. Uwa da yawa gabanta ya faɗi da ta ga fuskar ɗanta ta yi jajur a kai.

Wannan kyamara ba launin fata take gani ba. Ɗumin da ke fita daga saman fata take kamawa, sai na'urar ta shafa masa launi da kanta. Yawanci abin da ya fi komai zafi a hoton shi ake ba fari ko ja, wanda ya fi sanyi kuma shuɗi ko baƙi. A ce bangon ɗaki yana digiri 25, fuskar yaro tana 35. Fuskar za ta yi ja, alhali lafiyarsa ƙalau. Ki miƙa masa kofin shayi mai digiri 60, nan take kofin zai ƙwace jan, fuskar ta dusashe, in dai na'urar ce ke daidaita launin da kanta. Don haka ki bar kallon launi, ki dubi lambar da ke gefen allo.

Ita ma lambar da sauran magana. Fata ba ta kai cikin jiki zafi ba, kuma yanayi yana juya ta. Yaron da ya shigo daga rana goshinsa zai nuna zafi, wanda kuwa ya yi gumi ko ya fito daga mota mai sanyi zai nuna ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake so mutum ya zauna a ciki kamar minti 15 kafin a auna shi. Masu aikin da suka ƙware kuma lungun ido na kusa da hanci suke dubawa, domin nan ne ya fi kusa da zafin cikin jiki. Sai an cire tabarau, saboda gilashi yana tare ɗumin, ya fito baƙi a hoto. Hula ko mayafin da ya rufe goshi ma sai an ɗan janye.

Abin da ya fi damuna shi ne uwar da kyamara ta ba kwanciyar hankalin da bai dace ba. In kin ba yaro farasitamol awa ɗaya kafin ku iso, zai iya wucewa salin alin da zazzaɓin cizon sauro a jikinsa. Kyamarar tantancewa kawai take yi, ba ta gano cuta.

In an tsayar da ku, ki nemi a sake auna shi da ma'aunin zafi na asibiti. Digiri 38 ko fiye zazzaɓi ne, a yi masa gwajin jini kafin a fara maganin maleriya. In kuwa jariri ne da bai kai wata 3 ba, ki kai shi asibiti nan take, ko da yana kama nono.