Yadda ake cire shafukan da ba a so daga dogon PDF

Ɗalibi ya gama kundin digirinsa, fayil ɗaya mai shafi 146, sai malamin da ke duba aikin ya ce babi na uku kawai yake son gani, tare da bangon farko da jerin littattafan da aka duba. Da yawa cikinmu abin da za mu yi shi ne mu tura kundin kacokan, mu bar malam ya yi ta laluben babin a wayarsa. Wasu kuma su garzaya shagon buga takardu a buga musu shafukan, a sake ɗaukar hotonsu da na'ura, su biya kuɗi sau biyu. Duk ba a buƙatar wannan wahala. Kwamfutar da ke gabanka za ta yi aikin cikin minti biyu, kuma kyauta.

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, domin takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Manhajarsa ta karatu da ake saukewa kyauta, Acrobat Reader, ba ta barin a goge shafi sai an biya kuɗi, shi ya sa mutane ke zaton abin sai ƙwararre. Dabarar ita ce ka daina tunanin shafukan da za ka goge, ka lissafa waɗanda za ka riƙe. Kundin asali ya zauna yadda yake, kai kuma ka kwashe abin da kake so zuwa sabon fayil.

Kafin ka taɓa komai, sai ka daidaita lissafin shafuka, domin a nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Shafi yana da lamba iri biyu: wadda aka buga a ƙasan takarda, da wadda kwamfuta ke ƙirgawa daga takardar farko. A kundin nan namu, bango da sadaukarwa da godiya da jerin abubuwan da ke ciki sun cinye shafi 12, kuma lambobin Romawa aka sa musu. Saboda haka shafin da aka rubuta wa 1 a ƙasa, a wurin kwamfuta shi ne na 13. Babi na uku ya fara daga 41 ya ƙare a 58 bisa lambar da aka buga. Ka ƙara 12 a kan kowace, ya zama 53 zuwa 70. Jerin littattafai yana 121 zuwa 130, wato 133 zuwa 142. Wanda ya manta da wannan ƙarin ya rubuta 41-58, zai aika wa malam wutsiyar babi na biyu da shafi shida kacal na babi na uku. Kada ka dogara da lissafi kaɗai: je ka kan shafin farko na babin, ka dubi ɗan akwatin da ke saman allo mai nuna 53 / 146, ka tabbatar da idonka.

Yanzu buɗe fayil ɗin da Chrome ko Edge, ka danna Ctrl+P kamar mai shirin bugawa. A wurin zaɓen na'urar bugawa ka zaɓi Save as PDF. A ƙarƙashin Pages ka zaɓi Custom idan Chrome ne, sannan ka rubuta:

```
1, 53-70, 133-142
```

Waƙafi yana raba rukuni da rukuni, karan ɗori kuma yana nufin daga nan zuwa can. Kafin ka danna Save, yi ɗan lissafi: bango 1, babi 18, jerin littattafai 10, jimla 29. Idan allon ya nuna 29, madalla. Idan ya nuna wani adadi daban, akwai lambar da ta kuɓuce maka. Sai ka ba sabon fayil suna nasa, kamar babi3.pdf. Wannan batun suna ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya adana da sunan tsohon fayil, a wuri ɗaya, ya amsa tambayar da kwamfuta ta yi masa da gaggawa, ya shafe shafi 117 na aikinsa ke nan. A wayar Android ma haka ake yi ta hanyar Print, a zaɓi Save as PDF, a rubuta lambobin. Masu Mac suna da Preview, inda ake zaɓar ƙananan hotunan shafuka a gefe a goge su, amma ita tana adana canji da kanta, don haka a kwafi fayil ɗin tukuna a yi aiki a kan kwafin.

Hanyar bugawa tana da iyakarta, kuma gara ka san ta tun da wuri. Sabon fayil ɗin yakan rasa alamomin babi da ke jere a gefe, mahaɗan da ake dannawa ba lallai su ci gaba da aiki ba, guraben fom da ake cikewa kuma sukan daskare. Wani lokaci rubutun ma yakan koma hoto. Gwajin yana da sauƙi: buɗe sabon fayil, danna Ctrl+F, ka nemi wata kalma da kake gani a shafin. Idan a tsohon fayil ana samunta, a sabon kuma ba a samu ba, rubutun ya zama hoto, malam ba zai iya kwafar jimla ko neman kalma ba. A nan sai a koma ga manhajar da ke ɗauke shafi yadda yake, irin su PDF Arranger da PDFsam Basic, waɗanda duk kyauta ne kuma ba sa buƙatar intanet. Mai son rubuta umarni kuwa, qpdf zai gama masa da layi ɗaya:

```
qpdf --empty --pages kundi.pdf 1,53-70,133-142 -- babi3.pdf
```

Akwai abin da babu manhajar da za ta magance. Takardar da aka sa wa hannu ta hanyar lantarki, kamar wasu yarjeniyoyi da takardun shaida, sa hannun yana tabbatar da fayil ɗin ne gaba ɗayansa. Da zarar an cire shafi ɗaya, sa hannun ya lalace ko ya ɓace. Irin wannan a tura ta cikakkiya.

Wani kuma zai cire rabin shafuka ya ga nauyin fayil bai ragu sosai ba. Dalili ɗaya shi ne nauyin PDF yana cikin hotuna da siffofin haruffan da aka cusa masa, ba a yawan shafuka ba. Shafi ɗaya mai hoto yana iya fin shafi hamsin na zallar rubutu nauyi. Dalili na biyu ya fi damuna. Tsarin PDF ya yarda a adana canji ta hanyar ƙara bayani a ƙarshen fayil ba tare da an share na da ba, kamar mai shafa fenti a kan rubutun bango. Idan manhaja ta yi haka, shafin ya ɓace wa ido amma yana iya kasancewa a ciki. Ga wanda ya cire shafi don yana ɗauke da sirri, wannan babbar magana ce, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙirƙirar sabon fayil ya fi gogewa a cikin tsoho aminci.

Shafukan intanet irin su iLovePDF da Smallpdf suna yin wannan aiki da kyau, sai dai fayil ɗinka yana barin na'urarka ya tafi kwamfutar wasu kafin ya dawo, kuma kai ne za ka biya kuɗin data na loda shafi 146 don ka karɓi 29. Don takardar darasi ko sanarwa, babu laifi. Amma bayanin asusun banki, da sakamakon asibiti, da duk takardar da ke ɗauke da lambar NIN ko BVN, don Allah a yanke su a kan na'urarka, kuma a buɗe sabon fayil a duba shafin farko da na ƙarshe na kowane rukuni kafin a tura.